Idan keken ɗinki ya fara tsallake ko tara zare

Mai ɗinki ta juya atamfa ta ga zare ya cukurkuɗe a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu, sai ta ɗauko sukurdireba ta hau murɗa notin ƙoshiya. A nan ake ɓata keke mai lafiya. Zaren da ya taru a ƙasan yadi, galibi na sama ne.

Ga dalili. Zaren sama yana bi ta tsakanin wasu faifan ƙarfe biyu da ke matse shi, waɗanda teloli ke kira tenshan. Idan aka ɗaga ƙafar da ke danne yadi, faifan kan buɗe, idan aka sauke ta su rufe. Wadda ta zura zare ƙafar tana ƙasa, zarenta bai shiga tsakaninsu ba, don haka kowane ɗinki zai bar rarar zare a ƙasa. Haka ma idan zaren bai bi ta ƙarfen nan mai hawa da sauka ba, domin shi ke janye rarar.

Gwajin ba wuya. Ki ɗaga ƙafar, ki zare zaren gaba ɗaya, ki sake zura shi tun daga farko. Ki ja shi, zai taho salin-alin. Ki sauke ƙafar ki sake ja, ya kamata ki ji ya yi tauri. In bai yi ba, ki duba tsakanin faifan, wataƙila guntun zare ya maƙale. Sannan ki sa jan zare a sama, fari a kwarkwaro, ki ɗinka ƙyalle mai ninki biyu. Idan ja ya leƙo a ƙasa, ki ƙara tenshan kaɗan. Idan fari ya fito a sama, ki sassauta.

Tsallake kuwa, allura ake fara tuhuma. Idan ta nutse ta soma tasowa, zaren yakan yi ɗan lanƙwasa a gefenta, ƙugiyar da ke ƙasa ta cafke. Allurar da ta karkace ko da kaɗan, ko ba a tura ta har ƙurya ba, sai ƙugiyar ta wuce ba ta kama komai ba. Ni dai shawarata, a sauya ta kawai, domin ido ba ya ganin irin wannan karkacewar.

Keken gida yana cin allura mai shafaffen gefe guda, HAx1, ban da mai zagayayyen kai ta keken masana'anta. A baƙin Butterfly shafaffen gefen yana kallon dama, zare ya shiga daga hagu. A yawancin kekunan lantarki kuwa baya yake kallo. Lamba 14 ta dace da atamfa, 16 da yadi mai kauri. Yadin hijabi mai talewa yana son allura mai dunƙulallen baki.

Idan sabuwar allura ta zauna daidai, zare ya bi hanyarsa, amma tsallaken bai daina ba, to haɗuwar allura da ƙugiya ce ta goce. Wannan kam sai mai gyara.