Katakon Rufi: Kafin Kafinta Ya Buga Ƙusa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan aikin gini ya san yadda abin yake tafiya. Ana kai bulo lintal, mai gida ya fara ƙosawa, kafinta ya rubuto lissafi: tu-bai-fo kaza, tu-bai-tu kaza, ƙusa buhu kaza. Da safe a je 'yan katako, da yamma a sauke kaya, washegari an fara haɗa rafta. Tsakanin kasuwa da saman bango ba a cika samun kwana biyu ba. To a nan ne rufin yake samun cutar da za ta kashe shi, tun ba a ɗora kwano ba. Mu da za mu fita da difloma a hannu bana, gobe mu za a tambaya, don haka na ga ya kamata mu yi maganar a fili.

Abu biyu ne ke cin katakon rufi a ƙasarmu, kuma mutane na haɗa su wuri guda alhali hanyarsu daban. Ruɓewa aikin wata funfuna ce da ba ta rayuwa sai da danshi. Idan ruwan da ke cikin katako ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ba ta iya aiki. Gara kuwa ba ruwanta da bushewar katakonka. Gidanta na cikin ƙasa, ita ke ɗauko danshinta, ta gina hanyar laka a jikin bango ko ta bi cikin ramin bulo har ta isa sama. Saboda haka wanda ya ce maka busar da katako kawai yana hana gara, bai faɗa maka daidai ba. Abin da busarwa ke yi shi ne ta rufe wa ruɓewa ƙofa, sannan ta ba maganin gara wurin shiga. Jiƙaƙƙen katako kamar soson da ya riga ya ƙoshi ne, duk abin da ka shafa masa a baya yake tsayawa.

Mu fara da zaɓi. Idan ka dubi bakin gungumen da aka yanka za ka ga launi biyu: tsakiya mai duhu, da farin zobe kusa da ɓawo. Tsakiyar nan, wato zuciyar icen, ita ce ke ɗauke da sinadaran da bishiyar ta tara waɗanda ƙwari ba sa so. Farin gefen kuma abinci ne zalla, cike da sitaci. Wannan ya sa sunan ice kaɗai bai isa ba. Iroko, wanda muke kira loko, yana cikin masu ƙarko sosai, amma farin gefensa gara na cinye shi kamar na kowane ice. Sau da yawa za ka ga tu-bai-fo ɗaya rabinsa ja rabinsa fari, mai sayarwa yana rantsuwa cewa iroko ne. Gaskiyarsa, iroko ne, sai dai rabin kuɗinka ka ba gara. Ni dai idan fari ya ci wuri mai yawa a jikin katako, gefe nake turawa, ko da kuwa za a ce na cika tsirfa.

Obece kuma, farin katakon nan mara nauyi da kafintoci ke so saboda ƙusa na shigarsa ba gardama, ba shi da kariya ko a zuciyarsa. Gara na cinsa, ƙananan ƙwarin da ke huda katako su bar gari kamar fulawa suna cinsa, kuma idan ya kwana da danshi sai ya yi shuɗi-shuɗi. Afara ma kusan haka take. Maɗaci yana tsakiya, ya fi su nesa amma bai kai iroko ba. Malaina tana da arha kuma ba ta cika murɗewa ba, matsalarta ita ce jinkirin bushewa: bayanta zai bushe ƙayau, cikinta kuwa sharkaf. Kakanninmu da suka yi rufi da azara sun san wannan karatun tun kafin a rubuta shi, domin ɓangaren waje na giginya, baƙin nan mai tauri, shi suke tsagawa su yi aiki da shi, su bar lallausan cikin.

Na san aljihu ba zai bari a yi rufi gaba ɗaya da iroko ba. Idan haka ne, a sa mai ƙarkon a inda hatsarin ya fi yawa, wato katakon da ke kwance a kan bango, da bakin raftocin da ke fitowa waje suna shan feshin ruwa. Gara ta bango take hawowa, katakon farko da ta tarar shi ne ƙofarta.

Yanzu sai busarwa, inda nake so mu ɗan daɗe. Yawancin katakon da ake sayarwa a Arewa daga dazukan Kudu yake zuwa, kuma sau da yawa bai daɗe da barin injin yanka ba. Ta yaya za ka san yawan ruwan da ke cikinsa? Kafinta zai ɗaga ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa ya saurara, busasshe yana ƙara tas, jiƙaƙƙe yana amsawa dum. Hakan na taimakawa, amma mu da muke da sikeli da murhun gwaji a sashe muna iya yin abin da ya fi haka.

Ga misali. A ce an kawo tu-bai-fo guda tamanin a watan Nuwamba. Ka zaɓi guda ɗaya daga tsakiyar kayan, ka auna kamar santimita 30 daga bakinsa, domin baki ya fi saurin bushewa kuma zai yaudare ka, sannan ka yanki ɗan guntu daga nan. Ka ɗora guntun a sikeli nan take, a ce ya ba ka giram 280. Sauran dogon katakon ma ka auna shi a lokacin, a ce kilo 14, ka rubuta a jikinsa. Guntun sai ya shiga murhu a zafin digiri 103, kana fito da shi kana aunawa har nauyinsa ya daina sauka. A ce ya tsaya a giram 200. Ruwan da ya fita giram 80 ke nan. Raba 80 da 200, wato nauyin busasshen, ka ninka da ɗari: kashi 40. A lura, da busasshen nauyi ake rabawa, nan ne da yawa ke zamewa a jarrabawa.

Daga nan lissafin ya yi sauƙi. Idan dogon katakon yana da ruwa kashi 40 kuma nauyinsa kilo 14, to icen zalla kilo 10 ne, wato 14 a raba da 1.4. Muna so ya sauka zuwa kashi 15, wanda ya isa aikin rufi, don haka muna jiran ranar da zai nuna kilo 11.5. Sai ka shafe bakin da ka yanka da fenti, ka mayar da shi tsakiyar jerin, kana zaro shi kowane mako kana aunawa. Ba sai ka sake yanka komai ba. Sikeli ne zai gaya maka ranar aiki.

Me zai faru idan ba a jira ba? Katako ba ya fara tsukewa sai ruwansa ya sauka ƙasa da wajen kashi 30. Wanda aka buga yana kashi 40, duk tsukewarsa a saman gini zai yi ta, ƙarƙashin kwanon da ke ɗaukar zafin Afrilu. Ƙusa ta saki, haɗi ya buɗe, katakon da kwano ke kai ya murɗe, ramin ƙusar kwano ya faɗaɗa. Da damina ta sauka sai ɗigo ya fara bin ƙusa yana jiƙa wuri ɗaya kullum, ruɓewar da ake gudu ta samu shiga.

Jera katakon ma yana da ƙa'ida. Kada ya taɓa ƙasa: a ɗora shi kan bulo, kamar santimita 45 daga ƙasa, a wuri mai inuwa da iska ke ratsawa, a share ciyawa da guntayen itace. Tsakanin kowane layi da na samansa a sa busassun 'yan sanduna masu kaurin inci ɗaya, tazarar kamar santimita 60, kuma kowace sanda ta zauna daidai saman ta ƙasanta. Idan suka kauce wa juna, nauyin sama zai lanƙwasa katakon ya bushe a lanƙwashe, shi ke nan kuma ba mai miƙar da shi. A rufe sama da tsohon kwano a danne da bulo, a bar gefuna a buɗe. Leda kuwa kada a kusanto da ita, gumi take tarawa.

Abin da littattafan da aka rubuta don ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba shi ne hunturunmu. Su matsalarsu katako ya ƙi bushewa, mu tamu ya bushe da gaggawa. Iskar Disamba da Janairu tana zuƙe bayan katako tun cikinsa bai motsa ba, sai baya ya tsuke, ciki ya ƙi, katakon ya tsage, musamman a baki. Maganinsa a shafe bakunan da fentin mai tun ranar farko, a kuma kare ɓangaren da iska ke bugowa da zana ko buhu a makonnin farko. Masu jingine katako a bango cikin rana wai don ya yi sauri, baka suke ƙerawa.

Sai bayan sikeli ya nuna an kai, sannan magani. A bar kafinta ya gama yanke-yankensa tukuna, domin duk inda zarto ya bi bayan an shafa, an buɗe sabon wuri mara kariya. Burushi fatar sama kawai yake jiƙawa, don haka a shafa sau biyu, na farko ya shige kafin na biyu, bakunan kuma a tsoma su cikin bokiti su sha, don ta nan ice ya fi zuƙa. Wanda ya samu rabin durom ko kwatami ya jiƙa katakon gaba ɗaya ya fi kowa. A bi ma'aunin da ke jikin galan, a sa safar hannu da takunkumi. Baƙin man mota da ake shafawa a unguwa, ni ban yarda da shi ba. Yana baƙanta katako mai gida ya ji daɗi, amma ba maganin ƙwari ba ne, kuma idan katakon jiƙaƙƙe ne sai ya rage masa hanyar fitar da ruwa.

Bayan an rufa, aikin ya koma na ido. A bar ƙofar shiga silin, a bar 'yan tagogin iska a bangon da ke ƙarƙashin rufi, a kwashe guntayen katako da kafinta ya bari a sama da kuma gindin gini. Sau ɗaya a shekara, bayan damina, a hau da tocila da sukundireba. Zanen laka a jikin bango ko rafta, gara ce. Garin katako a kan silin, ƙwari masu huda ne. Inda sukundireba ta nutse cikin laushi, katakon ya yi duhu yana farfashewa, ruɓewa ce, kuma kafin a canja katakon sai a ɗaga kai a nemo inda kwanon ke yoyo.