Cinikin Albashi Idan An Fara da Tambayar Albashin Baya

Kamfanoni da yawa kan tambayi mai neman aiki nawa ake biyansa a inda yake, tun kafin su faɗi abin da za su ba shi. Dalilin a fili yake. Da zarar jami'in ɗaukar ma'aikata ya ji adadin, sai ya ɗora ɗan ƙari a kai ya mai da shi tayi, ko da kuɗin da aka ware wa kujerar ya fi haka nesa ba kusa ba. Ta haka wanda aka danne wa albashi a aikinsa na farko yake ɗauke da wannan ragi zuwa na biyu da na uku. Wannan ne ya sa birnin New York ya haramta tambayar a 2017, jihar Kaliforniya ta bi sahu a 2018, Tarayyar Turai ma ta sanya haramcin a dokar bayyana albashi ta 2023. A Najeriya kuwa har yanzu tambaya ce ta yau da kullum, wasu kamfanoni har takardar albashi ta watannin baya suke nema.

Shiri yana farawa tun kafin ranar ganawa. Mai nema zai bincika abin da ake biya a irin wannan kujera a garin, ta tallace-tallacen guraben aiki da bakin abokan sana'a. Daga nan sai ya tsayar da adadi biyu: wanda zai nema, da wanda ba zai sauka ƙasa da shi ba.

Idan tambayar ta zo, hanya mafi kyau ita ce a karkata ta cikin ladabi zuwa aikin da ake magana a kai. Mai nema zai iya cewa: "Ranka ya daɗe, nauyin aikin nan ya bambanta da wanda nake yi. Nawa kuka ware wa wannan kujera?" In aka matsa, sai ya faɗi abin da yake sa ran samu tare da dalilinsa. In kuma aka dage sai ya bayyana, to ya faɗi gaskiya, amma ya haɗa duk abin da yake samu a shekara, har da alawus-alawus. Ƙara gishiri a nan kuskure ne, domin takardar albashi za ta tona shi, kuma hakan kan sa a janye tayin.

Kafin a yanke cewa tayi ya yi ƙasa, sai an yi lissafi. A ɗauka wata akanta a Kano tana karɓar naira 250,000 a wata, kuma ana ba ta albashin wata na goma sha uku a ƙarshen shekara. Jimillar shekararta naira 3,250,000 ke nan. Sabon kamfani ya taya ta 280,000 ba tare da wannan ƙarin ba, wato 3,360,000 a shekara. Ƙarin 30,000 da ake gani a ido ya koma 110,000 a shekara, bai kai 10,000 a wata ba. Idan sabon ofishin zai ƙara mata naira 1,000 na kuɗin mota kullum, a kwanakin aiki 22 ta kashe 22,000. Canjin aikin ya zama asara. Dole kuma ta tambaya ko adadin kafin cire haraji da fansho ne ko bayansa, domin dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10.

Ba a amsa irin wannan tayi nan take. Za ta yi godiya, ta nemi a ba ta shi a rubuce, ta roƙi kwana biyu ko uku. Sannan ta dawo da adadi ɗaya takamaimai, misali 380,000, alhali ta san ba za ta sauka ƙasa da 340,000 ba. Hujjarta ita ce girman aikin, takardar shaidar ƙwarewarta da abin da ake biya a wasu wurare. Kukan tsadar haya da kuɗin makaranta ba ya motsa kamfani, domin kowa yana da irinsa.

Idan aka ce albashin ba zai taɓu ba, akwai sauran abin ciniki: alawus na gida da na mota, inshorar lafiya ta iyali, ko sake duba albashin bayan wata shida. Duk abin da aka amince da shi sai ya shiga takardar ɗaukar aiki, domin alkawarin baki yakan tafi da manajan da ya yi shi. In tayin ƙarshe bai kai adadin da mai nema ya tsayar ba, kuma yana da aiki a hannu, ya fi masa ya ƙi cikin mutunci ya ci gaba da nema.