Kansar hanji ta gado: Yaushe ya kamata dangi su yi gwaji?

Kansar babban hanji cuta ce da aka fi sani da kama waɗanda suka manyanta, galibi masu shekara sittin zuwa sama. To amma akwai iyalan da cutar ke bi daga kaka zuwa jika, tana kama 'yan shekara talatin ko arba'in, a wasu lokutan ma ƙasa da haka.

A yawancin irin waɗannan iyalai, musabbabin shi ne wata larura ta gado da likitoci ke kira larurar Lynch. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin 300 na ɗauke da ita, kuma ita ce ke haddasa kusan kashi uku cikin ɗari na dukan kansar babban hanji. Akasarin masu ɗauke da ita ba su sani ba, domin ba ta da wata alama har sai kansar ta bayyana.

Yadda aka gano ta

A shekarar 1895 wata mata mai ɗinki ta shaida wa Dakta Aldred Warthin na Jami'ar Michigan a Amurka cewa tana fargabar kansa ce za ta zama ajalinta, kamar yadda ta kashe danginta da dama. Daga bisani kuwa ta rasu sakamakon kansar mahaifa. Likitan ya bi salsalar gidan nasu, ya kuma wallafa abin da ya gano a 1913.

A 1966 Dakta Henry Lynch na jihar Nebraska ya bayar da rahoton wasu iyalai biyu masu irin wannan tarihi, abin da ya sa larurar ta ɗauki sunansa. Sai a 1993 da 1994 ne masu bincike suka gano ainihin ƙwayoyin gadon da ke da hannu a lamarin.

Abin da ke faruwa a jiki

A duk lokacin da ƙwayar halitta ta jiki za ta rabu gida biyu, sai ta kwafi bayanan gadon da ke cikinta, kamar yadda marubuci ke kwafar littafi da hannu. Kuskure ba ya rasa faruwa, saboda haka jiki yana da masu bin baya suna gyara. Ƙwayoyin gado huɗu ne ke wannan aikin gyara, wato MLH1 da MSH2 da MSH6 da kuma PMS2.

Kowane mutum yana gadon kwafi biyu na kowaccensu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai larurar Lynch ana haihuwarsa da kwafi ɗaya da ya lalace. Ɗayan yana ci gaba da aiki shekara da shekaru, amma ranar da shi ma ya samu matsala a wata ƙwaya ta hanji, kurakurai za su yi ta taruwa babu mai gyara.

Wannan ne ya sa cutar ke sauri. A jikin sauran mutane, ƙaramin tsiro a bangon hanji kan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama kansa. A jikin mai larurar Lynch, hakan na iya faruwa cikin shekara ɗaya zuwa uku.

Haɗarin ya danganta da ƙwayar da ta lalace. Kusan rabin masu matsala a MLH1 ko MSH2 kan kamu da kansar hanji a tsawon rayuwarsu, yayin da haɗarin ya yi ƙasa sosai ga masu MSH6, ya kuma fi ƙanƙanta ga masu PMS2. Ga mata kuwa, haɗarin kansar mahaifa kan kai na hanji, ko ma ya zarce shi. Larurar na kuma ƙara haɗarin kansar ƙwan mace da ta tumbi da ta hanyar fitsari.

Bambancinta da sikila

Jama'a da dama sun san cewa yaro ba ya kamuwa da sikila sai ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka biyu. Larurar Lynch ba haka take ba. Ɗaya daga cikin iyaye ya wadatar, kuma kowane ɗa ko 'ya na da yiwuwar gado kashi 50 cikin ɗari. Wanda bai gada ba, ba zai miƙa wa 'ya'yansa ba.

Saboda haka ba auren zumunci ne ke kawo ta ba. Sai dai idan mata da miji 'yan dangi ɗaya ne kuma dukansu na ɗauke da ita, yaro na iya gadon kwafi biyu da suka lalace. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma yana jawo kansa tun ana ƙuruciya, ciki har da ta ƙwaƙwalwa da ta jini.

Alamun da ke nuna a binciki iyali

Likitoci na amfani da wata ƙa'ida da ake kira ma'aunin Amsterdam, wadda ake taƙaitawa da uku, biyu, ɗaya. Mutum uku a dangi sun kamu da kansar hanji ko wata mai alaƙa da larurar, kuma ɗaya daga cikinsu uwa ce ko uba ko ɗa ko shaƙiƙi ga sauran biyun. Cutar ta ratsa zuriya biyu a jere. Sannan aƙalla mutum ɗaya ya kamu kafin ya cika shekara 50.

Amma iyalai da yawa masu larurar ba sa cika waɗannan sharuɗɗa, musamman inda tsofaffi suka rasu ba tare da an san abin da ya kashe su ba. Don haka ko da mutum ɗaya ne ya kamu da kansar hanji ko ta mahaifa kafin shekara 50, ko kansa iri biyu ta kama mutum guda, ya kamata a yi bincike. A Ingila, tun 2017 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani ta ba da shawarar a gwada duk wata kansar hanji da aka gano, komai shekarun mai ita, kana a 2020 ta faɗaɗa shawarar zuwa kansar mahaifa.

Daga wa ake farawa?

Ana farawa ne daga wanda ya kamu, ba daga masu lafiya ba. A ɗauki misalin magidanci mai shekara 42 da aka yi wa tiyatar kansar hanji. Mahaifiyarsa ta rasu da kansar mahaifa tana da shekara 50, kawunsa kuma, wato ƙanen mahaifiyar, ya kamu da ta hanji yana da shekara 47.

Mataki na farko shi ne a duba naman da aka cire masa a ɗakin gwaji, a ga ko masu gyaran nan huɗu suna nan. Idan aka tarar babu MLH1, sai an yi ƙarin gwaji, domin sau da yawa rashinta ba gado ba ne, musamman ga tsofaffi. A misalin namu, a ce MSH2 ce aka rasa, wanda ke nuni mai ƙarfi ga gado.

Mataki na biyu shi ne gwajin jini ko yawu, bayan likita ya yi masa bayanin abin da sakamakon zai haifar. Wannan ne zai nuna takamaiman kuskuren da ke gidansu. Daga nan sai a nemi wannan kuskure ɗaya a jikin sauran dangi, abin da ya fi sauƙi da araha.

Shaƙiƙansa da suke ɗaki ɗaya su ne a sahun gaba, tare da 'ya'yansa. 'Yan ubansa kuwa ba sa cikin wannan haɗari, tun da larurar ta ɓangaren uwa ta biyo. Amma 'ya'yan kawun nasa da sauran 'yan uwan mahaifiyarsa suna buƙatar a sanar da su.

Idan yana da 'ya mai shekara 20, za ta iya yin gwajin yanzu. Ɗansa mai shekara 12 kuwa sai ya jira ya kai 18, domin larurar ba ta cika jawo kansa ga yara ba, kuma babu abin da za a fara yi masa kafin ya girma. Duk wanda aka gwada ba a samu kuskuren ba, haɗarinsa ya koma daidai da na sauran jama'a.

Akwai kuma inda gwajin ba ya gano komai, ko ya nuna wani sauyi da ba a tabbatar da illarsa ba. Wannan ba ya wanke dangin. A irin haka likita kan tsara duba hanjinsu bisa tarihin gidan.

Bayan an tabbatar

Babban makami shi ne kolonoskofi, wato zura siririn bututu mai kyamara ta dubura domin a duba babban hanji tun daga farkonsa har ƙarshe, a kuma cire duk tsiron da aka gani nan take. A Birtaniya ana yin sa duk bayan shekara biyu, daga shekara 25 ga masu MLH1 da MSH2, daga 35 kuma ga masu MSH6 da PMS2. Gwajin bahaya da ake yi wa sauran jama'a ba ya maye gurbinsa.

Wani bincike na tsawon shekara 15 a ƙasar Finland, wanda aka wallafa a 2000, ya nuna cewa duba hanji a kai a kai ya rage kamuwa da kansar da kusan kashi 60 cikin ɗari a irin waɗannan iyalai. Duk da haka kansar kan ɓulla a tsakanin dubawa biyu, don haka ba a jiran ranar asibiti idan alama ta bayyana.

Wani binciken da Farfesa John Burn na Jami'ar Newcastle ya jagoranta ya gano cewa shan asfirin kullum na aƙalla shekara biyu yana rage haɗarin. Sai dai maganin na iya jawo gyambon ciki da zubar jini, don haka ba a fara shi sai da izinin likita. Matan da suka gama haihuwa kuma akan tattauna da su kan cire mahaifa.

Halin da ake ciki a Najeriya

Wani bincike da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka yi tare da takwarorinsu na Amurka, aka wallafa a 2021, ya samu alamar lalacewar tsarin gyaran a fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na kansar hanjin da suka gwada, adadin da ya zarce na Amurka. Alamar kaɗai ba ta tabbatar da gado, amma tana nuna muhimmancin gwada naman da aka cire.

Wata matsalar ita ce ɗaukar duk wani jini a bahaya a matsayin basir. Sannan kansar Lynch ta fi tsirowa a ɓangaren dama na hanji, nesa da dubura, inda jinin ba ya fitowa fili. Abin da akan gani shi ne ƙarancin jini da kasala da rama. Ga mata kuwa, zubar jini a tsakanin al'ada ko bayan ta ɗauke alama ce da ke buƙatar ganin likita.

Likitoci na cewa ko inda gwajin gado ya yi wuyar samu, iyali na iya rubuta waɗanda suka yi kansa a dangin uwa da na uba, da gaɓar da ta kama, da shekarunsu a lokacin. Da wannan bayani likita zai iya yanke shawarar wanda za a fara duba hanjinsa, da kuma lokacin da ya dace.