Akwati biyu, murya ɗaya: abin da Auracast zai iya yi wa gidan kallo

Ranar Asabar da yamma, duk gidan kallon ƙwallo mai talabijin biyu, a Yelwa ne ko Birnin Yauri ko Wara, yakan fuskanci rigima iri ɗaya. Wasanni biyu ana buga su a lokaci guda, lasifika kuwa ɗaya ce. Dole a rufe bakin akwati ɗaya, magoya bayan wancan kulob su yi ta kallon hoto babu sharhi. In aka buɗe duka biyun, ga kuma rurin janareta a bayan ɗaki, ba wanda zai ji komai. Irin wannan matsala ce ta filayen jirgin sama da gidajen motsa jiki a ƙasashen waje, inda ake jera talabijin a bango a kashe musu murya, kuma tana cikin abubuwan da aka ƙirƙiro Auracast dominsu.

Bluetooth ɗin da muka saba da shi na mutum biyu ne. Waya ta nemi iyafis, su gaisa, su ƙulla, duk ƙunshin sautin da ta aika sai ya amsa cewa ya iso. Shi ya sa ba a iya haɗa kunne hamsin da waya ɗaya. A watan Janairun 2020 ƙungiyar Bluetooth SIG, mai tsara ƙa'idojin wannan fasaha, ta sanar da sabon tsari mai suna LE Audio, a watan Yunin 2022 kuma ta raɗa wa ɓangarensa na watsa sauti suna Auracast. A nan babu gaisuwa, babu amsawa. Na'urar watsawa tana yin abin da gidan rediyo ke yi: ta saki sauti a iska, wanda ke kusa ya kama. Ba ta ma san adadin masu sauraronta ba, don haka mutum biyar da mutum ɗari biyar duk nauyi ɗaya ne a wurinta. Ba a buƙatar data, ba a buƙatar sabis.

Sautin ana yanka shi gutsi-gutsi, kowane gutsure tsawonsa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ko ƙasa da haka kaɗan, a matse shi da wani tsari mai suna LC3. Tun da babu mai cewa "ban ji ba, maimaita", na'urar takan aika kowane gutsure fiye da sau ɗaya a kan mitoci daban-daban, ko da ɗaya ya ɓace wani ya isa.

A ce mai gidan kallo a Yelwa ya yi niyyar gwadawa. Zai sayi na'urar watsawa biyu, ya jona kowace da mafitar sauti ta talabijin ko ta dikoda, ya ba su suna: Akwatin Dama, Akwatin Hagu. Idan ta igiyar haske ya jona, sai ya shiga saitin sauti ya zaɓi PCM, domin yawancin irin waɗannan na'urori ba sa fahimtar sautin sinima mai lasifika da yawa. Mai kallo ya buɗe wayarsa, ya ga sunayen biyu sun fito kamar yadda sunayen Wi-Fi ke fitowa, ya taɓa wanda yake so. Wani wurin lambar QR ake mannawa a bango, a haska ta da kyamara.

To ga abin da masu saye suka fi kuskurewa. Ba wayar ce ke karɓar sautin ba. Aikinta nuni ne kawai: ta gaya wa iyafis tashar da zai kama, daga nan shi da kansa yake ɗaukar sautin daga iska. Ke nan iyafis ɗin ne dole ya san Auracast. Kuma ganin an rubuta Bluetooth 5.3 a jikin kwali ba hujja ba ce. Gaskiya ne tsarin yana buƙatar 5.2 ko sama, amma kamfani na iya sa wannan lamba ba tare da ya saka LE Audio ba, kuma haka yawancin masu arahar da ke kan teburan 'yan waya suke. Sunan Auracast ko tambarinsa ake nema a kwalin, a kuma gwada a gaban mai shago kafin a miƙa kuɗi.

Inda aka kafa na'urar ma yana da tasiri. Tana aiki ne a kan mita 2.4 gigahaz, wadda jikin ɗan Adam ke shanyewa saboda ruwan da ke cikinsa. Ɗakin da aka gwada da safe babu kowa, sauti tas har bakin ƙofa, yana iya canzawa idan benci ya cika. In na baya suka fara jin yana yankewa alhali na gaba lafiya lau, an ajiye ta ƙasa ne ko an ɓoye ta a bayan talabijin. A ɗaga ta sama da kawunan mutane. In sunan tasha bai fito ba sam, a tuhumi wayar ko iyafis ɗin. In ya fito amma shiru, ko dai lambar sirri ba daidai ba ce, ko kuma an saita watsawar a matakin inganci na 48 kilohaz kaɗai. Wasu na'urorin taimaka wa ji matakin 16 ko 24 suke kamawa, kuma wannan ya wadatar ga muryar mai sharhi.

Sai batun kuɗin shiga. Sautin ba ya tsayawa a bakin labule, zai ratsa zuwa titi. Akwai maganin haka: ana kulle tasha da lamba, wadda a allo ake kira Broadcast Code, mai haruffa 4 zuwa 16, a ba wanda ya biya. A sa mai tsawo, a riƙa sauya ta, domin masu binciken tsaro sun nuna cewa gajeriyar lamba ba ta da wuyar fasawa.

Ni dai abin da ya fi jan hankalina ya wuce ƙwallo. Ƙasar Yauri ƙasa ce ta harsuna: Hausawa, Gungawa, Kambari, Shangawa, Lopawa, Fulani. Taron wayar da kai kan rigar ruwa da lodin kwale-kwale a gaɓar tafkin Kainji magana ce ta rai da mutuwa, kuma a yanzu tafinta sai ya jira mai jawabi ya yi shiru, taron awa ɗaya ya koma biyu. Da tashoshi uku a zaure ɗaya, tafintoci za su yi magana tare da shi, kowa ya zaɓi harshensa. Haka dattijon da jinsa ya yi rauni, wanda ke zama a sahun gaba wurin tafsiri amma amsa-kuwwa na cakuɗa masa kalmomi: muryar malam za ta zo masa kai tsaye daga makirufo. Saboda masu irin wannan larura gidan wasanni na Sydney Opera House a Ostareliya ya kafa tsarin a 2025.

Sai dai wanda duk ya cire lasifika yau don ya kafa Auracast ya kori yawancin jama'arsa. Wayoyin da suka fara iya wannan aiki manya ne, irin su Galaxy S23 na Samsung da Pixel 9 na Google, ba su ne a aljihun masunci ko ɗan acaɓa ba. Hanyar da ta dace da mu ita ce wadda zaurukan taro ke bi: mai wuri ya sayi ƙananan na'urorin karɓa, masu maɓallin sauya tasha da ramin iyafis mai igiya, waɗanda ba sa buƙatar waya ko kaɗan. A gidan kallo, lasifika ta ci gaba da ɗaukar babban wasa, akwati na biyu ya koma Auracast, a ba da hayar na'urorin a bakin ƙofa tare da tikiti. Sai mai gidan ya lissafa cajinsu a lokacin da janareta ke aiki, da wanda zai tsaya ya karɓe su idan alƙalin wasa ya hura tashi.