Hoton biki ba na neman aiki ba ne: gyara fuskar shafinka na LinkedIn

Ka gama bautar ƙasa, ka karanci akanta, kana neman aiki a banki. Ka buɗe LinkedIn, sai ka ɗauko hoton ɗaurin auren abokinka ka yanke shi, ga kafaɗar wani ta maƙale a gefe, ga baƙin gilashi a ido. Hoton ya yi kyau, ba musu. Amma wanda zai duba shi jami'in ɗaukar ma'aikata ne, ba 'yan ajinku ba.

Fara da girman da zai gan ka. A jerin masu nema ko a ƙarƙashin sharhi, hotonka ɗan da'ira ne da bai wuce farcen babban yatsa ba. Idan a tsaye ka ɗauka tun daga hula har takalmi, fuskar ta ɓace. A ɗauke ka daga ƙirji zuwa sama, fuskar ta cinye fiye da rabin hoton, kuma kada ya gaza 400 x 400. Tsaya kana fuskantar taga da safe, bango marar ado a bayanka. In tagar tana bayanka, inuwa kawai za a gani. Kuma ka ce wa mai ɗaukar ya turo maka ta Document a WhatsApp, don turawar da aka saba tana rage ingancin hoto.

Sutura fa? Ba dole sai kwat ba. Kaftani mai guga da hula ya wadatar, ke ma hijabi ko mayafi mai launi ɗaya ya yi. Ma'aunin shi ne: za ka shiga intabiyu a haka?

Sai dogon hoton da ke bayan kanka, inda aka fi yin ɓarna. A LinkedIn girmansa 1584 x 396 ne, wato faɗinsa ya ninka tsayinsa sau huɗu, shi ya sa hoton da aka ɗauka a tsaye ke fitowa a guntule. Da'irar hotonka kuma tana zaune a ƙasan ɓangaren hagu, duk abin da ka rubuta a nan ta rufe shi. Buɗe Canva, sa wannan awon, zaɓi launi ɗaya mai natsuwa, ka rubuta layi guda a dama: Akanta | Excel | QuickBooks | Kano. Shi ke nan. Motar da ba taka ba da tambarin kulob ɗin ƙwallo, bar su can Facebook.

Da tela ce ke mai neman kwastoma, lissafin ya juya: launi ɗaya asara ce, jera ɗinki uku mafi kyau a wurin, da sunan unguwar da shagon yake.

Kafin ka tashi, duba shafin a wayar wani. A waya da'irar ta fi cin wuri, sau da yawa rubutun da ya fito tsaf a kwamfuta sai ka tarar ta haɗiye farkonsa. In haka ta faru, ƙara tura shi dama.