Ta'aziyya da harshen Italiyanci: inda "haƙuri" ke ɓata saƙo

Bahaushe ba ya rasa abin faɗa a gidan makoki. "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, Allah ya gafarta masa." Bakinsa ya saba, ba sai ya yi tunani ba. Wahalar tana zuwa ne ranar da mahaifin abokiyar aikinsa 'yar Italiya ya rasu, ya so ya rubuta mata 'yan layuka da harshenta. Irin wannan zama tare ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, tunda kamfanin Italiya mai suna Impresit ne ya gina madatsar ruwan Bakolori a shekarun 1970.

Hanyar da ta fi saurin kai mutum ga kunya ita ce ya jera gaisuwar Hausa, sannan ya juya ta kalma bayan kalma. Ƙamus zai ce masa haƙuri shi ne "pazienza". Gaskiya ne, amma Ba'italiye yana cewa "pazienza" ne idan jirgi ya wuce shi ko ruwan sama ya ɓata masa shiri, wato "ba komai, sai a bar zancen". Ka faɗa wa wadda ta rasa uba haka, ka mayar da rashinta ƙaramin abu. Roƙon gafara ma yana da nasa haɗarin. A wurinmu addu'a ce da ake yi wa kowane mamaci, har da malami mai tsoron Allah. Idan aka ce "che Dio lo perdoni", kunnen Ba'italiye zai iya ji kamar ana nuni da wani laifi da mamacin ya tafka. Don haka ba a fassara lafazin. Ana ɗauko maganar da su suke yi a irin wannan rana, a sa ta a gurbin tamu.

Kafin a ɗora alƙalami sai a yanke shawara ɗaya: da "tu" za a yi mata magana ko da "Lei"? Na farko na aboki ne da tsara, na biyu na girmamawa ne, kusan yadda muke ce wa babba "ku". Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da kuka saba da shi a ofis, shi za ka riƙe. Wanda kuke raha kullum, in ka koma masa "Lei" ranar makoki, zai ji ka ja da baya. Ga misali, namiji ne ke rubuta wa wadda ta girme shi a aiki:

Gentile Dottoressa,
ho appreso con profondo dispiacere la notizia della scomparsa di Suo padre. Le porgo le mie più sentite condoglianze e Le sono vicino in questo momento di dolore. Ricordo Lei e la Sua famiglia nelle mie preghiere.
Con stima,

Ma'anarsa: na samu labarin rasuwar mahaifinki cikin matuƙar jimami, ina miƙa ta'aziyyata daga zuci, ina tare da ke a wannan lokaci na baƙin ciki, kuma ina sa ki da iyalinki cikin addu'a. "Dottoressa" laƙabi ne da ake yi wa duk macen da ta yi digiri a Italiya, ba likita kaɗai ba. An zaɓi "scomparsa" maimakon "morte" saboda dalilin da ya sa muke cewa "rasuwa" ba "mutuwa" ba. Manyan haruffan "Le" da "Suo" alamar ladabi ce a wasiƙa.

Akwai wani ƙaramin tarko a "vicino". Kalmar tana bin jinsin mai rubutu ne, ba na wanda aka rubuta wa ba, don haka mace za ta rubuta "vicina". Idan kuma aboki ne na kusa, saƙon ya gajarce: "Ti sono vicino. Un abbraccio." Rungumar da ke ƙarshe gaisuwa ce kawai a rubuce, kada ta tayar wa kowa da hankali.

Jimlar addu'ar ce, a ganina, mafi dacewa da Musulmi. Ba duk 'yan Italiya ke zuwa coci ba, amma da wuya wani ya ji haushin an ce ana yi masa addu'a, kuma kai ba ka faɗi abin da ya saɓa wa imaninka ba. Abin da ya kamata a guje wa shi ne rufe saƙon da "distinti saluti", don wannan sallamar takardun kasuwanci ce.

Ba a binne mamaci a Italiya ranar da ya rasu, sai bayan aƙalla awa 24, jana'iza kuma yawanci bayan kwana biyu ko uku. Saboda haka ka tura saƙonka ranar da ka ji labari, domin ya isa kafin a kai shi makwanci.