Inda Kuɗin Ɗan Kwangila Ke Maƙalewa a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kai wa babban kamfani kaya ya san amsar nan da ake ba mutum a ofishin akanta: "Alhaji, ka yi haƙuri, kwamfuta ce ta riƙe kuɗinka." Mutum ya fito yana ƙunƙuni, a ransa ya gama yanke cewa wani ne ke son a ga hannunsa. Wani lokacin haka ɗin ne. Amma sau da yawa akantan gaskiya ya faɗa, sai dai bai yi bayani ba. Manhajar da manyan kamfanoni ke tafiyar da harkokinsu da ita ba ta sakin kuɗi sai takardu uku sun yi magana da baki ɗaya, kuma kowace takarda hannun mutum daban take fitowa.

Za mu bi sawun saye guda ɗaya a cikin SAP, manhajar kamfanin nan na Jamus da wasu tsofaffin ma'aikatan IBM su biyar suka kafa a 1972. Sashenta na saye da sito shi ake kira MM. Sauran manhajoji irin su Oracle da Odoo sunaye ne suka bambanta, hanyar kusan ɗaya ce. Mu ƙaddara wani kamfanin casar shinkafa ne a Kano, buhunan zuba shinkafa sun kusa ƙare masa.

Mai kula da ɗura shinkafa ba shi da ikon kiran mai buhu ya ce a kawo. Abin da zai iya shi ne ya buɗe shafin `ME51N` ya cika takardar neman saye, wadda a fuskar kwamfuta aka rubuta mata Purchase Requisition: buhu 10,000, masu cin kilo 50, a kawo sito kaza, kafin rana kaza. Wannan takarda ta cikin gida ce, ba ta fita ƙofar kamfani, ba ta ɗora wa kowa bashi. Daga nan sai ta hau sama neman sa hannu, kuma yawan kuɗin ne ke nuna inda za ta tsaya. Kamfani na iya tsara cewa abin da bai kai naira miliyan ɗaya ba shugaban sashe ya isa, abin da ya haura sai manajan kuɗi. Kafin a sa hannun nan, jami'in saye ba zai iya mayar da ita oda ba.

Jami'in saye shi ke neman wanda zai kawo, ya kwatanta farashi, ya yi ciniki. A ce an daidaita a naira 300 kowane buhu. Sai ya shiga `ME21N` ya janyo takardar neman sayen nan ta zama oda, wato Purchase Order, ba tare da ya sake buga komai daga farko ba. Kaya da adadi da ranar kawowa duk suna biyo ta, shi kuma ya ƙara sunan mai kawo kayan, da farashi, da sharaɗin biya, misali kwana 30. Jimilla naira 3,000,000, mu ajiye harajin kayan masarufi a gefe don lissafi ya yi sauƙi. Odar tana samun lamba, wadda a tsarin SAP na asali kan fara da 45, kuma wannan lambar ce za ta bi kayan har ranar biya. Ita ce takarda ta farko cikin ukun. Ta fita waje, ta zama alkawari tsakanin kamfani da ɗan kasuwa, amma har yanzu ko kwabo bai motsa a littafin akanta ba, domin ba a karɓi komai ba, ba a bin kowa komai.

Ranar da mota ta tsaya a bakin sito ne lissafi ke farawa. Direba ya miƙa webil mai cewa buhu 10,000. Sitokifa ya sa aka sauke, aka ƙirga, sai aka tarar da 9,600. Ya buɗe `MIGO`, ya buga lambar oda, manhaja ta kawo masa 10,000 da kanta, don abin da take jira ke nan. A nan ne aikinsa yake: ya goge ya rubuta 9,600, ya adana da lambar motsin kaya 101, wadda ke nufin kaya sun shigo bisa oda. Wannan ita ce shaidar karɓar kaya, takarda ta biyu.

Da ya danna, abu biyu ke faruwa lokaci guda. Adadin buhu a sito ya ƙaru da 9,600, kowa a kamfanin zai gani a kwamfutarsa. Sannan manhajar ta rubuta a littafin kuɗi, ba tare da wani akanta ya taɓa ba, cewa dukiyar sito ta ƙaru da naira 2,880,000, wato 9,600 sau 300. To ina za a rubuta ɗaya ɓangaren? Ba za a rubuta shi a matsayin bashin da mai buhu ke bi ba tukuna, tunda bai kawo takardar neman biyansa ba. Sai a ajiye adadin a wani asusun wucin gadi mai suna GR/IR. Kamar zaure yake: baƙo ya shigo daga titi, amma bai kai ga cikin gida ba, yana zaune yana jiran a yi masa iso. Duk kuɗin da ke zaune a wannan asusu yana nufin ɗayan biyu: ko an karɓi kaya ba a ga takardar kuɗinsu ba, ko an ga takardar kuɗi ba a karɓi kayan ba.

A ganina, a duk tafiyar nan babu wanda ya kai sitokifa muhimmanci, kuma babu wanda aka fi rainawa. Manhaja ba ta ganin buhu, abin da ya buga kawai take gani. Idan gajiya ko kunyar direba ta sa ya bar 10,000 ɗin da ya tarar a shafin, takardu uku za su dace tsaf, a biya kuɗin buhu 400 da ba su taɓa shiga sito ba, kuma ba wanda zai farga sai ranar ƙirgar kaya, watanni bayan haka, lokacin da laifin zai faɗa kansa shi kaɗai. Idan ya gane kuskuren da wuri akwai gyara, sai dai ba a goge abin da aka adana. Ana soke shi ne da lambar motsi 102, a sake shigarwa daidai, shaidar biyun ta zauna odita ya gani. In kuwa bayan an karɓa ne aka tarar wasu buhunan ruɓaɓɓu ne, lambar 122 ke mayar wa mai su. Wani tarkon da ke yawan kama sababbin ma'aikata shi ne ma'auni: an yi oda da ɗaiɗaikun buhu, an kawo a dila, mutum ya buga yawan dilolin a gurbin yawan buhuna. Alamarsa ita ce a ga sito cike maƙil, kwamfuta kuma na cewa an karɓi buhu 20.

Bayan kwana biyu sai ga takarda ta uku, inbois ɗin mai buhu, yana neman naira 3,000,000 kuɗin buhu 10,000. Wataƙila ba ha'inci ba ne, yaronsa ne ya kwafe abin da ke kan oda. Ma'aikaciyar ofishin biya ta buɗe `MIRO`, ta sa lambar oda, manhaja ta nuna mata abin da ya kamata a biya bisa abin da aka karɓa: 9,600, naira 2,880,000. Takardar da ke hannunta kuma ta ce wani abu daban. Tana iya shigar da ita yadda aka kawo ta. Manhajar za ta karɓa, ta rubuta cewa mai buhu na bin naira 3,000,000, amma ta ɗaura wa takardar alamar `R`, wato an hana biya. Duk ranar da aka kunna biyan 'yan kwangila, za a tsallake ta.

Yanzu a duba asusun GR/IR. Sitokifa ya zuba 2,880,000 ta gefe guda, inbois ya ɗebe 3,000,000 ta ɗaya gefen, saura naira 120,000 a rataye, daidai kuɗin buhu 400. Akantan da ya san aikinsa, da ganin wannan ragowar ya san inda gizo ke saƙa, ba sai ya tambayi kowa ba.

Da farashi ne ya saɓa, hanyar ɗaya ce. A ce mai buhu ya rubuta naira 310, yana cewa kaya sun tashi a kasuwa tun bayan ciniki. Ƙarin ya haura kashi 3 cikin ɗari kaɗan. Kowane kamfani yana saita iyakar da zai iya kau da kai, don kada a tsayar da biyan miliyoyi saboda 'yan canji. In iyakar kashi 2 ce, wannan ya wuce ta, alamar `R` ta hau. A nan ba sitokifa ake nema ba, jami'in saye ne: ko ya yarda da sabon farashin ya gyara odar, wanda kan iya sa a sake neman sa hannun manya, ko ya tsaya kan yarjejeniya mai buhu ya rage. Saita iyakar nan kanta hikima ce. In ta yi tsauri, takardu su taru kamar me, ma'aikata su koma sakinsu ido rufe. In ta yi sako-sako, 'yan kwangila masu wayo su gane ta, su riƙa ɗora abin da ba zai kai ta ba a kowace takarda.

Buhu 400 ɗin nan dai hanya biyu ce gare su. Mai buhu ya ciko su, sitokifa ya sake shiga `MIGO`, asusun wucin gadi ya koma sifiri, dalilin hanin ya gushe, a saki takardar a shafin `MRBR`. Ko kuma ya ce ba shi da sauran, ya aiko da takardar rage bashi ta naira 120,000, a shigar da ita, a kuma sa wa odar alamar Delivery Completed don manhaja ta daina jiran kayan da ba za su zo ba. Mantawa da wannan alama na sa masu tsara saye su zaci akwai buhu 400 a hanya, su rage odar gaba.

Dalilin raba aikin hannu huɗu a fili yake: mai nema, mai saye, mai karɓa, mai shigar da takardar biya. In mutum ɗaya ya riƙe makullin oda da na karɓar kaya, zai iya ƙirƙirar sayen da bai faru ba, takardu su dace, kuɗi su fita. Shi ya sa masu binciken kuɗi kan fara da duba wa ke da izinin shiga wane shafi. Suna kuma kallon kwanan wata. Odar da aka buɗe bayan ranar da ke kan inbois tana nuna an sayi kayan ta waya ne, aka dawo daga baya ana ɗinke takardu. Wannan ɗabi'a ta "kawo kawai, oda na tafe" ita ta fi jefa ƙananan 'yan kasuwa cikin wahala, domin ba lambar oda sitokifa ba shi da abin da zai karɓi kayan a kai, kuma wanda ya yi alkawarin da baki yana iya canza wurin aiki.

Saboda haka wanda kuɗinsa ya maƙale, maimakon ya tambayi yaushe za a biya, ya ba da lambar odarsa ya roƙi a buɗe ta a `ME23N`, a duba ɓangaren Purchase Order History. A nan ake jera duk shaidar karɓar kaya da duk inbois da aka shigar kan odar, da adadi da kuɗi da rana. In babu layin karɓar kaya, sito zai nufa da kwafin webil ɗinsa mai sa hannu. In akwai shi amma babu layin inbois, takardarsa na kan teburin wani a ofishin biya. In duk suna nan adadin ne ya bambanta, ya san ko buhu zai ciko ko takardar rage bashi zai rubuta.